Hattara: kamfani ya rufe, amma har yau ana cire maka kuɗi a banki

Jama'ar Kumasi, musamman masu ɗaukar kaya bashi ana cire musu kuɗin duk wata daga banki ko Momo, ku saurari abin da ya sami kawuna.

Kawu tela ne a Aboabo. Ya ɗauki keken ɗinki mai lantarki a wani kamfani da ke da ofis a Adum, a kan zai biya sidi 180 duk wata har wata 12. Ya sa hannu a takardu, ya biya tsaf, ya ɗauka magana ta ƙare. Ana gab da Sallah ya je cire kuɗin zare, ya ga asusun bai kai yadda yake tsammani ba. Da yamma ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗana, duba mini saƙonnin nan, ni Turancinsu ba ya shiga kaina." Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ranar 28 ga kowane wata sidi 180 na fita, har wata biyar bayan ya gama biya. Sidi 900 ke nan, daga hannun mutumin da ke kwana a kan keke saboda kuɗin makarantar yara.

Washegari muka hau mota zuwa Adum. Inda ofishin yake yanzu shagon sayar da wayoyi ne, sai inuwar tsohon allon suna a jikin bango. Lambobi uku da ke kan rasit duk a kashe. Mun ɓata kwana biyu muna cigiyar manaja, kuma wannan ne kuskurenmu na farko, don ba a Adum bakin zaren yake ba.

Ga abin da na fahimta daga baya. Ba wani ma'aikaci ne ke zama duk wata yana danna cire kuɗin ba. A cikin takardun da Kawu ya sa wa hannu akwai ta izinin cire kuɗi, wadda a takardar banki za ka ga an rubuta Direct Debit. Izini ne ka ba wa kamfani ya riƙa jan kuɗi daga asusunka, na'ura ce kuma ke aiwatarwa. A takardar Kawu an bar gurbin ranar ƙarewa fayau, babu komai. To ko an sa wa ofis kwaɗo, na'urar ba ta san an rufe ba, tana nan tana aikinta. Akwai kuma Standing Order, wanda kai ne ka umarci bankinka ya riƙa turawa. Wannan tsayar da shi bai da wuya, tunda umarninka ne. Ka fara gane wanne ne naka.

Don haka banki za ka nufa, da katin ɗan ƙasa a hannu. Ka nemi cikakken bayanin asusu tun daga watan da aka fara cirewa, a kan takarda, da hatimi. Ka lura da sunan da ke gefen kowane cirewa. A na Kawu ba sunan masu keken muka gani ba, sunan wani kamfani ne daban mai tattara wa 'yan kasuwa kuɗi. Wannan sunan ya yi mana rana sosai, domin su suna nan da ransu, suna da ofis, kuma masu irin wannan aiki a ƙarƙashin lasin Babban Bankin Ghana suke, bisa dokar harkokin biyan kuɗi ta 2019.

A kanta, yarinyar da muka samu ta ce sai kamfanin ne zai soke izinin daga ɓangarensa. Na ce mata, "'Yar'uwa, kamfanin da babu shi ne zai soke?" Kada ka tsaya jayayya da baki. Ka rubuta wasiƙa gajera: sunanka, lambar asusu, adadin da ake cirewa da ranar, sannan ka ce ka janye izinin daga yau, kuma kana ƙalubalantar duk abin da aka cire bayan wata kaza. Ka haɗa hoton rasit na biyan ƙarshe da hoton ofishin da aka rufe. Ka yi kwafi biyu, su buga hatimi da kwanan wata a naka, su ba ka lambar ƙorafi. Ƙa'idar Babban Banki ta ba su kwana 20 na aiki su warware ƙorafi, in sun gaza ko amsarsu ba ta gamsar da kai ba, ka ɗauki wannan kwafin mai hatimi ka kai ƙara Babban Bankin. In babu takarda, kowa zai ce bai taɓa ganinka ba.

A ranar kuma muka kwashe abin da ya rage a asusun, don 28 ga wata ta kusa. Dabara ce ta ɗan lokaci kawai. Izinin yana nan, kuma wani bankin kan caje ka in an zo cirewa ba a tarar da kuɗi ba.

In daga Momo ake cire maka, hanyar ɗaya ce. A layin MTN ka kira 100 ko ka je ofishinsu, ka ce a faɗa maka wa ke da izinin jan kuɗi a walat ɗinka, a soke shi. Duk buƙatar biya da ka tarar a My Approvals cikin *170# wadda ba kai ka nema ba, kada ka sa mata lambar sirrinka.

Wani abu da ya kamata a faɗa, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba: rufewar kamfani ba ta yafe bashi. Da a ce saura wata uku Kawu ya gama biya, da kuɗin na nan a wuyansa. Mun gani a 2019, lokacin da Babban Banki ya soke lasin kamfanonin ba da ƙaramin rance 347, wanda aka naɗa ya kula da kadarorinsu ya ci gaba da karɓar basussuka. Haka in an sayar da kamfani, sabon mai shi yakan gaji yarjejeniyar. Sai dai ba ka biyan kowa sai ya nuna takardar naɗi ko ta saye, kuma ka tabbatar a ofishin rajistar kamfanoni ko kamfanin yana raye, ko an canza masa suna, ko an naɗa mai rushe shi. In an naɗa, wurinsa za ka shigar da buƙatar a mayar maka da kuɗinka, a rubuce.

A nan ɓarayi ke shigowa. Mako guda bayan mun kai wasiƙa, wani ya kira Kawu da Hausa tsantsa, har da "Alhaji, ina gajiya". Ya san sunan Kawu, ya san irin keken, ya san sidi 180. Ya ce su ne suka sayi kamfanin, za su mayar da sidi 900 yanzu, Kawu ya amince da saƙon da zai shigo wayarsa kawai. In kamfani ya watse, littafin sunayen abokan cinikinsa yakan faɗa hannun kowa, shi ya sa sanin bayananka ba hujja ba ce. Mai turo maka kuɗi ba ya buƙatar ka danna lambar sirri. Allah Ya sa ina zaune a shagon. Na karɓi wayar na ce ya faɗi inda ofishinsu yake mu zo da kanmu, sai ya kashe. Na kai rahoton lambar ga hukumar tsaron intanet ta layin waya 292.

An daina cirewa. Masu tattara kuɗin sun mayar da na wata biyu, sidi 360, waɗanda ba su riga sun tura gaba ba. Saura 540, mun rubuta buƙatarsu muna jira. Jiya Kawu ya sa na duba masa takardar inshorar da ya sa wa hannu bara, ita ma gurbin ranar ƙarewa babu komai a ciki. Litinin za mu koma banki.