Man ɗigawa ko wankin asibiti: abin da na gani da kunne ya toshe

Kunnuwana biyu ne suka cika da datti a lokaci guda, amma ba hanya ɗaya ta warware su ba. Na hagu ya buɗe a gida da man zaitun kawai. Na dama kuwa ya ƙi, sai da ma'aikaciyar jinya ta wanke shi da ruwa. Wannan ya ba ni damar gwada hanyoyin biyu a jiki ɗaya, kuma ra'ayina yanzu shi ne ba kishiyoyin juna ba ne. Ɗigawa tana laushi, wanki yana fitarwa, kuma abin da ke raba wanda ɗigawa za ta ishe shi da wanda ba za ta ishe shi ba shi ne irin dattin da kuma zurfin da ya kai.

Ramin kunnen babban mutum kusan santimita biyu da rabi ne daga baki zuwa dodon kunne. A kashi ɗaya cikin uku na wajen baki ake samar da dattin, can ciki babu abin da ke yin sa. Fatar ramin kuma tana tafiya a hankali daga ciki zuwa waje, motsin muƙamuƙi wajen tauna da magana yana taimaka mata, sai ta riƙa turo dattin har ya faɗo ba ka ma sani ba. Saboda haka idan aka tarar da dunƙule can kusa da dodon kunne, galibi tura shi aka yi: tsinken auduga, ko abin sauraren waya da ake cusawa, ko na'urar ƙara ji. Ni abin sauraren ne, kuma a dama na fi sa shi.

Na fara da man zaitun irin na kantin magani, mai ɗan bututun ɗigawa. Ƙa'idarsa ɗigo biyu zuwa uku, sau uku ko huɗu a yini, na tsawon kwana uku zuwa biyar. Yadda ake sa shi ya fi yawan da aka sa muhimmanci. Ka riƙe kwalbar a tafin hannu na ɗan lokaci ta ɗauki ɗumin jiki, kada ka ɗora ta a wuta ko cikin ruwan zafi. Ka kwanta a gefe, kunnen da za a ɗiga wa yana kallon sama, ka ja fatar kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, ka ɗiga, ka danna ɗan guringuntsin da ke gaban ramin sau 'yan kaɗan man ya gangara. Sai ka yi zamanka a haka minti biyar zuwa goma. Wannan jiran shi ne aikin, kuma shi ne mutane ke tsallakewa. Idan ka tashi nan take man a wuyanka zai ƙare. Toshe ramin da auduga busasshiya ma ba dabara ba ce, don ita za ta shanye man.

A hagu komai ya tafi daidai. Dattin mai laushi ne, bai rufe ramin duka ba, kuma cikin 'yan kwanaki na fara ganin ɗan launin ruwan ƙasa a kan tawul da rigar matashi. Babu wani dunƙule da ya faɗo a idona, kawai dai jin ya dawo.

A dama abin ya fara ƙaruwa kafin ya ragu, kuma bai ma ragu ba. Bayan na soma ɗigawa sai kunnen ya rufe ruf, muryata tana yi mini amo a cikin kai, ina jin ƙarar taunata fiye da maganar wanda ke gefena. Wannan ba alamar cewa maganin ya yi illa ba ce. Busasshen datti yakan bar 'yar kafa a gefe da sauti ke bi, to da ya jiƙa sai ya kumbura, man kuma ya cike kafar. Na koma maganin ɗigawa na sodiyam baikabonet, mai kashi 5 cikin ɗari, wanda aikinsa farfasa dattin ne, ba laushi kawai ba. Ya fi man zaitun ƙarfi a yadda na ji, amma ya busar mini da fatar ramin har ta fara ƙaiƙayi. Akwai kuma masu faroksayid, waɗanda ke yin kumfa da 'yar ƙara a cikin kunne. Su ban gwada ba, don fatar ta riga ta nuna ta gaji.

Babbar nakasar ɗigawa a wurina ita ce aiki ne a makance. Kana zuba abu a ramin da ba ka taɓa ganin cikinsa ba, kana kyautata zaton datti ne matsalar. Akwai ɗan gwaji da ke taimakawa: ka rufe baki ka yi gunji a hankali. Idan sautin ya fi ƙarfi a kunnen da ya toshe, to akwai yiwuwar wani abu ne ya tare hanya, kamar datti ko ruwa. Idan kuwa a lafiyayyen kunnen ya fi ƙarfi, musamman in jin ya ɗauke ne farat ɗaya, wannan ba maganar mai ba ce, a ga likita a ranar, domin matsalar na iya zama ta jijiyar ji, wadda maganinta ke son gaggawa. Haka nan wanda dodon kunnensa ya taɓa hujewa, ko aka yi masa aiki a kunne, ko kunnen na ciwo ko zubar da ruwa, kada ya ɗiga komai sai an duba shi.

Da na je asibiti, nas ɗin ba ta taɓa ruwa ba sai da ta gama tambayoyi. Ko dodon kunnena ya taɓa fashewa, ko an taɓa yi mini tiyata a wurin, ko na yi ciwon kunne kwanan nan, ko ina da ciwon sukari, ko ina shan maganin tsinka jini, ko kunne ɗaya kaɗai nake ji da shi. Kowace tambaya da dalilinta. Idan dodon kunne na da huji ruwa zai wuce ciki ya haddasa ciwo. Mai ciwon sukari kuma ƙaramar ƙujewa a ramin na iya zame masa mugun ciwo. Wanda kunne ɗaya ya rage masa, ba a yin kasada da shi.

Sannan ta leƙa da na'urar nan mai fitila. Ta ce na hagu tas yake, tana ganin dodon kunnen. Na dama kuwa ta ce, "Malam, ya cika har baki, amma ya yi laushi. Da ba ka sa mai ba da sai in mayar da kai gida ka sa tukuna."

Na ce, "Sista, ashe dai wahalar ba ta tafi a banza ba."

Ta ce busasshen dunƙule ruwa zagaye shi kawai yake yi, sai ka ƙara ƙarfi, ƙara ƙarfi kuma shi ke jawo ciwo.

Ba tsohon sirinjin ƙarfe ta ɗauko ba, wata 'yar na'ura ce mai lantarki da ake saita ƙarfin ruwanta. Tsohon sirinjin ƙarfinsa a hannun mai matsawa yake, shi ya sa tun 2018 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a daina wanke kunnen manya da sirinjin hannu. Ta ɗora mini tawul a kafaɗa, ta ba ni wata 'yar tasa na riƙe a ƙarƙashin kunnen, ta gwada ɗumin ruwan. Dole ya yi daidai da zafin jiki, wajen digiri 37, don in ya yi sanyi ko zafi yana motsa sashen da ke kula da daidaiton jiki a cikin kunne, mutum ya ji ɗakin na juyawa. Ta ja kunnen sama da baya, ta saita bakin bututun ga rufin ramin, ba ga dodon kunne kai tsaye ba. Manufar ita ce ruwan ya bi ta saman dunƙulen ya shiga bayansa, ya turo shi waje.

Babu zafi, amma ba zan ce da daɗi ba. Ƙara ce kamar ana ruwan sama a kan rufin kwano, sai dai a cikin kanka. Tari ya taso mini ba dalili, ta ce in bari ya wuce, wata jijiya ce da ta ratsa ramin kunne ta kuma kai maƙogwaro. Da farko ruwa mai launi ne ke fita da ƙananan ɓarɓashi. Ta tsaya ta leƙa, ta sake. Sai ga shi ya faɗo cikin tasar, baƙi-baƙi, ya kusa kai tsawon farcen ƙaramin yatsa, da farar fata a naɗe a jikinsa, har da siffar ramin. Nan take na ji ƙarar fanka da motsin rigata. Ta goge sauran ruwan, ta sake leƙawa don ta tabbatar dodon kunnen lafiya yake. Dukan abin bai kai rabin awa ba.

Tun kafin ta fara ta gaya mini in na ji zafi mai tsanani, ko jiri, ko ruwa ya sauko mini a maƙogwaro, in ɗaga hannu ta tsaya. Wannan ne ya sa ban yarda da mutum ya sayi sirinji ya riƙa banka wa kansa ruwa da ƙarfi ba. Ba ya ganin inda ruwan ke bugawa, ba ya kuma iya dubawa bayan ya gama.

Wankin ma yana da nasa aibun. Yana ɗauke har da siririn maiƙon da ke kare fatar ramin, saboda haka kunnen ya yini yana yi mini wani iri, sauti ya yi kaifi fiye da kima, ƙaiƙayi kuma ya ɗan daɗe. A wannan tsakanin ne kunne ya fi saurin kamuwa da ciwo, don haka aka ce in hana ruwa shiga na 'yan kwanaki, in kuma dawo idan ya fara zafi, kumburi ko zubar da ruwa. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne sai da na tambaya aka yi mini wannan bayanin, alhali kamata ya yi a faɗa wa kowa.

Wanda ruwa bai dace da shi ba akwai wata hanyar, ta zuƙe dattin da siririn bututu yayin da ma'aikacin ke kallon ramin da madubin ƙara girma. Ita ake zaɓa wa mai hujin dodon kunne ko wanda aka yi wa tiyata, sai dai ba kowane asibiti ke da kayanta ba.

Tunda kunnen dama mai tara datti ne, nas ɗin ta ce ɗigon man zaitun sau ɗaya a mako zai iya hana shi bushewa ya daskare, in kuma rage cusa abin saurare. Na koma irin wanda ake ɗorawa a kan kunne. Idan ya sake toshewa zan yi ɗigawar kwana biyar ɗin, in ba shi kamar mako biyu ya fito da kansa, in ya ƙi sai in nemi a leƙa.