Na ba da kwangilar gyara saƙon sabunta rajista: ga yadda aikin ya fito

Muna da wata ƙaramar manhaja ta lissafin shago, wadda 'yan kasuwa ke rubuta ciniki da bashi a ciki. Mafi yawan masu amfani da ita a Kano suke, irin su Kantin Kwari da Singa, kuma duk wata ake cire kuɗin rajista daga katinsu na banki. Saƙon da ake tura musu kafin cirewar ya daɗe yana jawo mana rigima, shi ya sa muka ɗauki wata mai sana'ar gyara rubutun kasuwanci ta sake shi. Wannan sharhi a kan aikinta ne.

Tsohon saƙon tare da manhajar ya zo tun daga wurin wanda ya gina ta. Da godiya yake farawa, sai tallar sababbin abubuwa, can ƙasa kuma a ce rajista za ta sabunta "nan ba da jimawa ba" a kan ₦4,000. Amma abin da ke fita daga asusun mutum ₦4,300 ne, domin akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wato ₦300 a kai. Ɗan kasuwar da ya ga alat ɗin banki da adadin da ba shi aka gaya masa ba, ba zai tsaya lissafin haraji ba. Cuta kawai zai ce an yi masa, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba ta taɓa rubutun ba sai da ta yi rajista da katinta, ta jira aka cire mata kuɗi, sannan ta gwada dakatarwa da hannunta. Ta kuma nemi mu ba ta ƙorafe-ƙorafen da ke shigowa ta WhatsApp, bayan mun goge sunaye da lambobi. A nan ta gano abin da ya fi adadin kuɗin muni: mutane da dama sun ɗauka idan suka goge manhajar daga waya, shi ke nan sun fita. Alhali izinin cire kuɗi yana wurin kamfanin da ke karɓar mana kuɗi ta kati, babu ruwansa da abin da ke cikin waya. Sai wata ya zagayo mutum ya ga an sake cirewa.

Ga sabon saƙon da ta rubuta na imel da na cikin manhaja:

"Ranar Laraba, 5 ga Maris, za a cire ₦4,300 daga katinku mai ƙarewa da 4417. Kuɗin rajistar wata ɗaya ne ₦4,000, da harajin VAT ₦300. Idan kuna son ci gaba, ba sai kun yi komai ba. Idan ba ku so, ku dakatar kafin ƙarfe 11 na daren Talata, 4 ga Maris: ku buɗe manhajar, ku shiga Asusuna, ku danna Rajista, sannan Dakatar. Goge manhajar daga waya ba ya dakatar da cire kuɗi. Bayan kun dakatar za ku ci gaba da aiki har ƙarshen watan da kuka biya, kuma lissafinku ba zai ɓace ba."

Jimillar kuɗi ce a gaba, rabe-rabenta a baya, domin jimillar ce mutum zai gani a alat. Kwanan wata ta rubuta shi da sunan rana da sunan wata. In an sa 05/03, wani zai karanta 5 ga Maris, wani kuma 3 ga Mayu. Sai lokacin rufewa: ta hana mu cewa "sha biyun dare", don ba kowa zai tabbatar ko na daren Talata ake nufi ko na Laraba ba, sai ta ja shi baya da awa ɗaya. Jumlar ƙarshe ita ce ban yi tsammanin tana da nauyi haka ba. Mai shagon da bashin mutane ke rubuce a manhajar tsoronsa kada ya danna Dakatar komai ya tafi, don haka sai ya ƙi dannawa, ya je banki ya ce a toshe katin, ko ya kai ƙarar cewa bai san da cirewar ba. Wannan hanya ta fi yi mana tsada nesa ba kusa ba.

A wurin saƙon tes ne na san ta san aikinta. Tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ, ko alamar ₦, sai ya koma wani tsari da ke ɗaukar 70 kacal, saƙo ɗaya ya zama uku, kuɗin turawa ya ninka. Maimakon ta cire lanƙwasar haruffan ta ɓata rubutu, sai ta zaɓi kalmomin da ba su da su tun asali:

"Za a cire N4,300 daga katinku na 4417 ranar Laraba 5 ga Maris, na rajistar wata 1. Don dakatarwa: Asusuna > Rajista > Dakatar, kafin 11 na daren Talata."

Mun ɗan ja da ita a kan abu ɗaya. Abokin aikina ya so a bar shafukan da ke tare mutum idan ya zo dakatarwa, ana tambayarsa dalili ana yi masa tayin ragi. Ta ce masa, "Yallaɓai, in saƙo ya ce mataki uku ne, mutum ya tarar da shida, saƙon ya yi ƙarya." Na goyi bayanta, aka mayar da tambayar dalili bayan an gama dakatarwa, mai so ya amsa. Ta kuma tuna mana cewa dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta.

Inda aikin ya gaza shi ne iyakar abin da kwangilar ta ƙunsa. Ba ta haɗa da saƙon da ake turawa idan cirewa ta ƙi yiwuwa ba, ko don babu kuɗi a asusu ko don katin ya ƙare aiki, kuma wannan yana faruwa da mu kowane wata. Sai da muka biya daban. Haka nan wanda ya yi rajista ranar 31 ga wata, wace rana za a rubuta masa a Fabrairu? Ta nuna mana matsalar, amma warwarewar ta mai gina manhaja ce, har aikin ya tsaya jiransa. Duk mai son ɗaukar irin wannan aiki ya lissafa saƙonninsa gaba ɗaya tun kafin a yi ciniki, har da na ƙarin farashi, kuma ya zaunar da mai rubutu da mai gina manhaja wuri ɗaya.

Tun da muka fara tura sabon saƙon kwana uku kafin ranar cirewa, masu dakatarwa sun ɗan ƙaru, wannan gaskiya ne. Amma kiran "wa ya ba ku izinin taɓa kuɗina" ya ragu ƙwarai, kuma wasu da suka dakatar lokacin da kasuwa ta yi sanyi sun dawo da kansu gab da sallah, suka tarar da lissafinsu yadda suka bar shi. Yanzu mun ba ta saƙon ƙarin farashi, wanda za mu tura wata guda kafin sabon kuɗin ya fara aiki.