Buhun shinkafar da aka ce mini tamu ce a Kwatano

Shekara uku ke nan ina zaune a Kwatano, babban birnin kasuwanci na Jamhuriyar Benin, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai tun zuwana ya faru ne a wani shagon shinkafa kusa da kasuwar Dantokpa. Na shiga sayen buhu ɗaya domin iyalina, sai na nuna turararriyar shinkafar Thailand, irin wadda muke kira 'yar waje a Gombe. Mai shagon, wani dattijo Bahaushe haifaffen Zango, ya dube ni ya ce, "Malam, daga Najeriya kake ko? Ai wannan taku ce. Mutanen nan farar shinkafa suke ci, wannan kuwa saukewa kawai take yi a wurinmu ta huta kafin ta ƙarasa gidanku." Yaran shagon suka yi dariya, ni kuwa na ji kunya ta rufe ni, domin a bayansa buhuna ne jibge har rufi, kuma na san cewa tun shekarar 2016 aka hana shigo da shinkafa Najeriya ta kan iyakokin ƙasa.

Na ce, "Baba, yaya za a yi kayan da aka hana su yi wannan yawa?" Ya ɗauki takarda ya yi mini lissafin da har yau ban manta ba. A shekarun da wannan ciniki ya yi tashe, kuɗin fiton da Najeriya ta ɗora wa shinkafar da aka shigo da ita ta tashar jiragen ruwa ya kai kashi 70 cikin ɗari, alhali Benin ta sauko da nata daga kashi 35 zuwa kashi 7 a shekarar 2014. A ce buhu ya iso bakin teku a kan naira 40,000. Idan a Legas aka sauke shi, za a biya fiton naira 28,000, ya koma 68,000 tun kafin a ɗora shi a mota. Idan a Kwatano ne, fiton naira 2,800 ne, ban da ƙananan kuɗaɗen tasha. Tazarar da ke tsakani ta haura naira 25,000 a kan buhu ɗaya, kuma a cikinta ɗan fasa-ƙwauri yake biyan mai babur da mai kwalekwale da duk wanda ya kau da kai a hanya, sannan ya sami ribarsa. Da haka ne Benin, ƙasar da al'ummarta ba ta kai ta jihar Kano ba, ta shiga sahun manyan masu sayen shinkafar Thailand a duniya, kuma fiton da ya kamata ya shiga baitulmalinmu ya koma nata.

Ba na raina hujjar da gwamnati ta bayar, domin ni ɗan manoma ne, kuma Yayana har gobe yana noman rani a Dadin Kowa ta jihar Gombe. An ce dalar da ake kashewa wajen sayen abinci daga Asiya tana tsotse asusun ƙasa, an ce duk buhun da aka shigo da shi aikin wani matashi ne aka kai wa wata ƙasa, an kuma ce mu noma abin da za mu ci. A kan wannan ne Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da kaya iri 41 samun dala daga hannunsa a watan Yunin 2015, shinkafa na ciki, aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Kebbi a watan Nuwamban shekarar, sannan aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Noman ya ƙaru, wannan gaskiya ce da na gani da idona kafin in bar gida, an kuma kafa injinan casa a wuraren da da babu.

Sai dai tambayar da dattijon ya bar ni da ita ita ce, wannan naira 25,000 aljihun wa take shiga idan shinkafar ta gida ce? Mai injin casa ba ya sa farashi bisa abin da ya kashe, yana duban kuɗin 'yar waje ne a kasuwa ya sauko kaɗan a ƙasansa. Saboda haka duk lokacin da fito ya ɗaga 'yar waje, 'yar gida ma sai ta bi ta, ko da ba a ƙara ko kwabo a kuɗin nomanta ba. Manomi irin Yayana yana sayar da shansherarsa ne da kaka, lokacin da bashin taki da na man injin ban ruwa suka shaƙe shi, a farashin da dillali ya faɗa. Mai kuɗin da ya saya ya ajiye a sito, da mai babban inji, su ne suke jira har farashi ya tashi. Mai biya kuwa ita ce mahaifiyata da ke aiken yaro da kuɗin mudu ɗaya, da malamin firamare da albashinsa bai motsa ba, har da shi manomin kansa idan rumbunsa ya ƙare ya koma kasuwa.

Dole kuma in faɗa mana gaskiya a kan halinmu. An ba mu kariya ta shekaru, amma ba mu yi amfani da ita wajen gyara kayanmu ba. Buhun da na saya a nan matata ba ta tsince tsakuwa ko ɗaya a cikinsa ba, nauyinsa kuma kilo 50 ne cif kamar yadda aka rubuta. A gida kuwa mai casa yakan ƙi sayen injin cire tsakuwa saboda ya san babu mai gasa da shi, wani ya rage awo, wani ya ɗura tamu a buhun 'yar waje domin ya ƙara kuɗi, mu masu saye kuma mu fi yarda da buhu mai rubutun wata ƙasa. Abin yana yi mini ciwo, domin sabuwar shinkafar Dadin Kowa ta fi wannan ƙamshi da ɗanɗano nesa ba kusa ba, kuma duk ranar da aka yi mana masa a nan da farar shinkafarsu, sai in tuna da wadda ake toyawa da safe a unguwarmu.

Abin da ya fi cutar da manomi shi ne sauyin doka ba tare da gargaɗi ba. A watan Oktoban 2023 aka ɗage hana dalar, a watan Yulin 2024 kuma aka sanar da yafe fito na kwana 150 a kan wasu kayan abinci, ciki har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba, domin a sauko da farashi. Masu saye sun sami sauƙi, kuma na yi musu murna. Amma Yayana ya riga ya sayi taki da tsada bisa tsammanin tsohon farashi, da ya girbe sai ya tarar shanshera ta faɗi. Ya kira ni ya ce, "Ƙanena, bana da ƙyar na mayar da kuɗin taki." Da a ce kuɗin da aka kashe wajen tsaron iyaka an zuba wani ɓangarensa a gyaran magudanan ruwan Dadin Kowa, da wutar da injinan casa za su dogara da ita, da hanyar da mota za ta shiga gona, da kuɗin noman buhu ya sauko, kuma da ɗage fito bai karya shi haka ba.

Makon jiya na koma shagon dattijon. Na tambaye shi ko yanzu kasuwarsa ta mutu, sai ya ce ta ja baya tun da naira ta faɗi a gaban sefa, amma bai sayar da sitonsa ba, yana sauraron dokar da za a fitar nan gaba daga Abuja. Yayana kuwa ya ce rabin gonar zai shuka shinkafa a ranin nan, sauran rabin zai sa albasa.