Kalmar sirri ko kulle faifai gaba ɗaya: wanne ke tsare sirrinka in an sace laftop?

Ranar da tsohuwar laftop ɗina ta ƙi tashi, na kai wa wani mai gyara. Ina tsaye ya kwance noti, ya zaro faifan ajiyarta, ya jona shi a tasa kwamfutar. Ko minti biyar ba a yi ba sai ga hotunan bikin ƙanwata da hoton katina na NIN a gaban allonsa. Ya ce, "Maigida, kayanka na nan lafiya." Bai tambaye ni kalmar sirri ba, ga ni kuwa na ƙirƙiro wata doguwa da nake ji da ita. Da ɓarawo ne, haka shi ma zai yi.

To kalmar sirrin shiga Windows ita kaɗai kwaɗo ne a ƙofar ɗakin da ba shi da rufi. Tana hana ɗanka taɓa maka aiki, shi ke nan. Ta BIOS ma, wadda ake nema tun kafin Windows ta tashi, kanwar ja ce, domin ba ta bin faifai idan an zare shi.

Abin da ke aiki shi ne a hargitsa duk abin da ke kan faifan, ta yadda wanda ba shi da mabuɗi ba zai ga komai ba sai shirme. A nan zaɓina BitLocker ne. Yana cikin Windows Pro, Enterprise da Education, yana kuma ajiye mabuɗinsa a wani ɗan guntu mai suna TPM da ke jikin motherboard, wato babban allon da ke cikin cikin kwamfutar. Kai ba ka ganin wani canji, kana kunnawa kana aikinka. Amma a zaro faifan a kai wata kwamfuta, sai ta nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48. Sai a nan kalmar sirrin shiga ke da daraja, tunda ta zama babbar ƙofar da ta rage wa ɓarawo. Kada ka sa ranar haihuwarka.

Masu Windows Home suna da ƙaninsa, Device encryption, idan na'urar ta cika sharuɗɗa. Tarkonsa shi ne kariyar ba ta kammala sai ka shiga da asusun Microsoft, inda ake ajiye mabuɗin ceton. Don ka tabbatar, buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta:

```
manage-bde -status
```

Idan ka ga Protection On, madalla. Idan Protection Off ne, ko da an nuna an hargitsa faifan ɗari bisa ɗari, ƙofa a buɗe take.

Mai Mac ya kunna FileVault, mai Linux ya zaɓi LUKS tun wajen girkawa. VeraCrypt kyauta ne kuma nagari, sai dai in ka manta kalmarsa babu wanda za ka yi wa kuka.

Sai maganar 'yan damfara, wadda ta fi ci mini rai. Akwai manhajojin "kulle folda" da wasu masu shago ke loda wa mutum su karɓi kuɗinsa. Da yawansu ɓoye folda kawai suke yi daga ido, a zaro faifai a ga komai. Akwai masu cewa sun mayar maka da Home ta zama Pro da wata manhajar fashi, wadda Allah kaɗai ya san abin da ta shigo da shi. Idan kuma gwanjo za ka saya, kada ka biya sai an kunna a gabanka. In ta tsaya a shuɗin allo tana neman lambobi 48, mai shago ya ce "ɗan'uwa, ƙaramin abu ne, za mu fasa," ƙarya yake yi. Iyakarsa ya goge faifan ya zuba sabon Windows, kuma ya kamata ka tambayi kanka daga hannun wa ta fito. Ko ta tashi lafiya, goge ta da kanka ka shiga da naka asusun, kada mabuɗinka ya zauna a asusun mai shago.

Shi kansa BitLocker yana iya cizon mai shi. A canza motherboard ko a taɓa wasu saitunan BIOS, sai ya nemi mabuɗin ceto, kuma in ba ka da shi, Microsoft ma ba za ta iya dawo maka da kayanka ba. Nawa na rubuta shi a takarda, yana cikin akwatin da nake ajiye takardun makaranta, ba a jakar laftop ba. Idan kuma zan shiga mota ko adaidaita, kashe ta nake yi gaba ɗaya, domin wadda aka rufe murfinta kawai barci take yi da mabuɗin a ƙwaƙwalwarta.