Kafin ka sayi rahoton nazarin kiwon kaji, ƙirga buhunan abinci

Mai shirin buɗe ƙaramar gonar kaji yana da hanya uku ta samun rahoton da zai nuna masa ko sana'ar za ta ɗore: ya sayi wanda aka riga aka rubuta ana sayar wa kowa, ya ɗauki ƙwararre ya rubuta masa, ko ya zauna ya rubuta da kansa.

Na farkon ya fi araha, kuma yana koya maka yadda ake tsara babi-babi. Amfaninsa ke nan. Farashin da ke ciki ya tsufa, kasuwar da yake magana a kai kuma ba taka ba ce. Ƙwararre ya fi tsada, amma idan rance kake nema a banki, aikinsa ya fi karɓuwa, muddin ya taka ƙafa ya ga filin, ba daga ofis ya cike takarda ba. Ga kaji ɗari biyar kuwa, ni na fi son mutum ya rubuta da hannunsa, sannan ya biya likitan dabbobi ko tsohon makiyayin kaji ya duba masa.

Ko wanne ka ɗauka, fara da sashen kuɗi, ka nemi lissafin abinci, domin shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo. Kazar nama tana cin kimanin kilo 4 a mako shida, wato kaji 500 za su ci kilo 2,000, buhu 80 mai kilo 25. Kajin ƙwai sai sun kai mako 18 zuwa 20 suke fara saka, kuma kafin nan kowace ta ci wajen kilo 7, buhu 140 ke nan ba a ga ƙwai ko ɗaya ba. Rahoton da ya lissafa kuɗin gini da na 'yan tsaki ya manta da kuɗin riƙe kaji na waɗannan watanni, ajiye shi. A nan jari yake ƙarewa, mutum ya sayar da kajinsa ana gab da fara tsintar ƙwai.

A sashen kasuwa, "ana son kaji sosai" ba bayani ba ne. Wa zai saya, guda nawa a mako, kuɗi hannu ko bashi? Kazar nama da ta wuce ranar sayarwa ci take yi daga ribarka kullum, kuma dillali ya san haka.

Sashen haɗari shi ne inda ake gane rahoton ƙarya. Na kirki zai cire aƙalla kashi 5 na mace-mace, ya yi lissafin ciniki da kaji 475 maimakon 500, ya sa jadawalin rigakafin cututtuka irin su Gumboro. Sai ka ce wa marubucin ya sake lissafin a gabanka, a kan cewa buhun abinci ya tashi da kashi 20 ana tsakiyar kiwo. Idan ya fara kame-kame, kada ka biya.