Wata shida da LineageOS a kan tsohuwar Poco F1

Wayata Poco F1 ce, fitowar 2018, kuma har yau ƙarfinta bai gaza ba. Sai dai sabuntawar kamfaninta, Xiaomi, ta tsaya a kan Android 10. Na so in sayar, amma kuɗin da aka taya ya sa na fasa, na yanke shawarar yi mata filashin da LineageOS 20, wato Android 13. Wannan tsari ne da masu aikin sa kai ke haɗawa kyauta, magajin CyanogenMod da aka rufe a ƙarshen 2016.

Aikin ya fi cin haƙuri fiye da basira. Da farko sai an buɗe makullin da ke hana ɗora wa waya wani tsari ba na kamfani ba. Na taɓa lambar sigar MIUI, tsarin da wayar ta zo da shi, sau 7 har zaɓin masu haɗa manhaja ya fito, na kunna OEM unlocking da USB debugging, na haɗa wayar da asusun Mi, sannan Mi Unlock, manhajar kamfanin ta buɗe makullin, ta ce in jira awa 168. Ranar da makullin ya buɗe, komai na cikin wayar ya goge, dama haka tsarin yake. Allah ya sa na riga na kwashe hotuna da lambobin mutane. Abin da ya rage a kwamfuta kaɗan ne, umarni na farko wayar tana yanayin fastboot, na biyu kuma bayan an shiga recovery, an yi Format data, an zaɓi Apply from ADB:

```
fastboot flash recovery recovery.img
adb -d sideload lineage.zip
```

A kula da sunan ɓoye na waya. Poco F1 ana kiranta beryllium, kuma fayil ɗin da ba na beryllium ba yana iya kashe ta. Haka nan wanda ke son Play Store sai ya ɗora MindTheGapps, kunshin manhajojin Google, kafin wayar ta tashi karon farko. Ni na yi gaggawa na kunna ta, dole na sake gogewa na faro daga tushe.

Da ta tashi kuwa, na ji daɗi. Babu talla, babu tarkacen manhajojin da ba na amfani da su, caji yana kai ni dare, kuma a lokacin sabuntawa tana zuwa ta cikin saitin wayar ba sai na koma kwamfuta ba. Kyamara ce ta ɗan ja baya, hoton dare bai kai na da kyau ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwanan wata biyu da na gani a shafin Android version. Ɗaya an rubuta Android security update, wannan yana matsawa gaba a kai a kai. Ɗayan kuma Vendor security patch level, yana nan inda kamfani ya bar shi. Dalili shi ne masu LineageOS suna iya toshe ɓarakar da ke cikin Android, tunda lambobinta a buɗe suke ga kowa. Amma manhajar da ke tafiyar da sashen kira, da wasu sassan da Qualcomm, kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar, ta rubuta, a rufe suke, ba mai iya gyara su sai masu su. Ke nan an sabunta rufin ɗaki ne, harsashin yana nan yadda yake. Ya fi zama a kan Android 10 nesa ba kusa ba, amma duk wanda ya ce maka wayar ta koma daidai da sabuwa a wajen tsaro, bai duba layi na biyu ba. Ga shi makullin nan a buɗe zai ci gaba da zama, saboda haka idan wayar ta faɗa hannun ɓarawo zai iya ɗora mata abin da ya ga dama. Lambar sirri mai tsawo ta zama dole.

Inda na fi shan wahala shi ne banki. Google na da wani bincike, Play Integrity, wanda ke gane wayar da aka buɗe. Manhajar ɗaya daga cikin bankunana biyu ta ƙi buɗewa sam, ɗayar kuma tana aiki lafiya. Akwai dabarun ɓoyewa, amma ban yarda in sa kuɗina a kan dabarar da za ta iya daina aiki gobe ba. Na koma tura kuɗi da lambar tauraro. Mai sana'ar da cinikinsa ya dogara da manhajar banki, kada ya gwada wannan a kan wayarsa tilo.

Masu Tecno da Infinix da itel, waɗanda su suka fi yawa a hannun mutanenmu, su fara duba jerin wayoyi a shafin LineageOS kafin su sa rai, domin ni ban ga nasu a ciki ba. Abin da ake yaɗawa a Telegram da sunan su, mutum ɗaya ne ya haɗa a ɗakinsa, ba ka san abin da ya cusa ba. Ni nawa daga shafin LineageOS na sauke shi, na kuma gwada lambar SHA256 ta fayil ɗin, wadda ke nuna ba a taɓa shi ba, da wadda suka wallafa kafin in ɗora.