Wata takwas ina amfani da tunatarwar Google Calendar: mako huɗu ne ya yi mini daidai

Ranar 9 ga Nuwamba aka ɗaura aurenmu da uwargida. Bara na tuna da ranar, amma sai ana gobe, bayan sallar Isha'i. Da safe na garzaya babbar kasuwar Birnin Kebbi na sayi turmin atamfa, na kai wa telanta. Ya dubi atamfar, ya dube ni, ya ce, "Malam, ko a hannuna kaɗai take, sai kwana goma." A leda na miƙa mata ita ba ɗinki. Ta yi godiya, amma abin ya tsaya mini a rai.

Shi ya sa na zauna na shirya kalandar wayata. Na buɗe sabon abu a ranar, na kunna "All-day", na canza "Does not repeat" zuwa "Every year". Muhimmin wurin shi ne na tunatarwa. Idan ka shiga "Custom" za ka rubuta adadi da kanka, ka zaɓi kwanaki ko makonni. Iyakarta mako huɗu, ba ta wuce haka.

Ni daga tela da albashi na fara lissafi, ba daga ranar ba. Albashin Oktoba sai ƙarshen wata yake shiga, kwana tara ko goma ke nan kafin ranar, ɗinki kuwa ba zai samu ba. Don haka na sa tunatarwa ta farko mako huɗu kafin lokaci, wato 12 ga Oktoba, sa'ad da kuɗin Satumba bai gama ƙarewa ba, in sayi atamfa in ba tela kafin alƙalami. Ta biyu mako biyu, 26 ga Oktoba, in leƙa shago in ga ko an yanka. Ta uku ana gobe.

Na riga na gwada tsarin da ranar haihuwar 'yata a watan Yuni, kuma rigarta ta kwana huɗu a rataye kafin ranar. Na turare ko takalmi, mako ɗaya ya isa.

Abu biyu sai an kula. Maimaitawar shekara-shekara lissafin Miladiyya take bi. Hajiyarmu da ke Argungu da watan Musulunci take riƙe ranakun jikokinta, kuma shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, saboda haka irin waɗannan da hannu nake gyara su duk shekara. Sannan wasu wayoyin kan danne sanarwa idan an kunna tanadin batir. Ka sa ta gwaji ta minti biyar ka ajiye wayar. In ba ta yi ƙara ba, ka shiga saitin batir ka cire wa manhajar takunkumi.

Idan ranar ta faɗo dab da Sallah, mako huɗun ma ba ya isar tela, sai in buɗe wata rana dabam, wata biyu kafin nan, in rubuta mata "kai ɗinki".